Mudu Ɗaya ga Kowa: Yadda Ake Makin Rubutun Ɗalibai a Darasin Kwatanta Addinai

A shekarar 1912 wasu masana ilimi biyu a ƙasar Amurka, Daniel Starch da Edward Elliott, suka ɗauki takardun jarrabawar Turanci na ɗalibai biyu, suka kwafe su, suka rarraba wa makarantun sakandare domin malaman Turanci su duba su ba da maki. Malamai 142 ne suka maido da amsa. Takarda ta farko, wani ya ba ta 64 bisa ɗari, wani ya ba ta 98. Ta biyun kuwa ta tashi daga 50 har zuwa 97. Rubutu ɗaya ne, ba a sauya ko wasali ba, amma a hannun wannan malami ɗalibi ya sha da kyar, a hannun wancan ya zama zakaran aji.

An sake gwada irin wannan a 1961. Paul Diederich da abokan aikinsa suka ba mutum 53 rubutun ɗalibai 300, suka ce kowa ya jera su hawa tara, daga mafi rauni zuwa mafi kyau, ba tare da an gindaya masa wata ƙa'ida ba. Rubutu 101 daga cikin 300 ɗin sai da kowannensu ya sami kowane maki, tun daga ɗaya har tara.

Waɗannan fa rubuce-rubuce ne da ba su taɓa imanin mai dubawa ba. To, yaya kuma idan abin da ɗalibi ya rubuta ya shafi Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki, ko Annabi Isa, ko tashin ƙiyama? Malamin da ke riƙe da jan biro yana da addininsa, ɗalibi yana da nasa, kuma a ƙasar nan sunan mutum kaɗai yakan faɗi inda ya dosa ranar Juma'a ko ranar Lahadi. Idan aka bar maki ga abin da zuciyar malami ta raya masa, za a zalunci wani, ko da malamin mai tsoron Allah ne. Shi ya sa ake buƙatar jadawalin maki: takardar da aka rubuta tun kafin ɗalibai su fara aiki, wadda ta bayyana abubuwan da za a duba, da makin kowanne, da siffar aikin da ya cancanci kowane maki.

Duk wanda ya taɓa makin jarrabawar WAEC ya san irinsa. Insha'in Turanci maki 50 ne, an kasa shi huɗu: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na nahawu da ƙa'idar rubutu. Sai dai wannan rabo na darasin harshe ne. Idan aka kwaso shi aka ɗora wa darasin addinai, wanda ya fi iya Turanci shi zai cinye, ko da bai fahimci komai ba game da addinin maƙwabcinsa.

Me ake nema a wannan darasi?

Ba a rubuta jadawali sai an san abin da ake son ɗalibi ya iya. A nan ne ake fara samun tangarɗa, domin yawancin ɗalibanmu idan suka ji an ce kwatanta addinai, abin da ke zuwa musu a rai shi ne muƙabala, irin wadda marigayi Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu ya shahara da ita: kowa ya zo da ayoyinsa, a kara, a ga wanda zai kayar da wani. Raddi fanni ne mai tarihi a Musulunci da Kiristanci duka. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, ya yi babban littafi a kansa. Amma ba shi ake jarraba ɗalibi a kai ba a wannan aji.

Abin da ake nema ya fi kusa da tafarkin wasu malamai biyu na Musulunci. Al-Biruni, a littafin da ya rubuta kan Indiya wajen shekarar 1030, ya koyi harshen Sanskirit, ya karanta littattafan Hindu, ya kuma bayyana tun farko cewa zai kawo aƙidunsu yadda suke ne, ba don jayayya ba. Al-Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya ɗaukar wa kansa sharaɗi a cikin Al-Milal wan-Nihal cewa zai kawo ra'ayin kowace ƙungiya kamar yadda ya same shi a littattafanta, ba tare da son kai ba. Babu wanda ya ce imanin waɗannan malamai ya ragu don sun yi haka. A zamanin nan ma, Wilfred Cantwell Smith ya kafa irin wannan ma'auni a 1959, cewa bayanin da aka yi kan wani addini bai inganta ba sai mabiyansa za su iya jin sa su ce lallai haka muke. A Najeriya kuwa, tun 1949 aka fara wannan karatu a Ibadan, inda Geoffrey Parrinder ya koyar, aka ajiye Musulunci da Kiristanci da addinin gargajiya a sashe ɗaya.

Ke nan abu uku ake so ɗalibi ya iya: ya bayyana addini daidai, ya kwatanta da adalci, ya kafa hujja kan abin da ya faɗa. Imaninsa ba ya cikin abin da ake aunawa, haka ma inda zuciyarsa ta karkata. Duk layin da ke cikin jadawali dole ya kasance abin da malami zai iya nuna shi da yatsa a kan takarda. Shi ya sa nake adawa da sharuɗɗa irin su "zurfin fahimta" ko "balagar tunani" da wasu ke zubawa. Ba wanda zai iya nuna su, kuma ta ƙofarsu son zuciya ke shigowa, domin kowa yana ganin zurfi a maganar da ta dace da ra'ayinsa.

Rabon maki talatin

Mu ɗauki jinga mai maki 30, wadda aka ba ɗalibai su rubuta a gida. Tambayar ita ce: kwatanta azumi a Musulunci da Kiristanci ta fuskar hukuncinsa, da yadda ake yin sa, da manufarsa. Ga rabon da nake ganin ya fi tsare gaskiya.

Maki 10 na daidaiton bayani ne, kuma a raba su biyu tun a kan takarda: 5 na Musulunci, 5 na Kiristanci. Wannan ƙaramar dabara tana da nauyi ƙwarai. Ɗalibanmu sun taso ne ana raba su aji biyu tun firamare, waɗannan su tafi darasin addinin Musulunci, waɗancan su tafi na Kirista, don haka kowa yakan zo jami'a da tulin sani kan nasa, da jita-jita kan na wani. Idan aka bar makin a dunƙule, ɗalibi zai cika shafi uku da abin da ya sani tun yana makarantar allo ko makarantar Lahadi, ya yi layi huɗu kan ɗaya ɓangaren, malami kuma ya ga rubutu ya cika ido ya ba shi 8. Da an raba, komai ƙwarewarsa a nasa ba zai wuce 5 ba sai ya je ya koyi na maƙwabcinsa.

Sannan a rubuta abin da kowane maki ke nufi. Biyar: babu kuskure, mabiyin addinin zai yarda da bayanin, kuma ɗalibi ya nuna ya san akwai saɓani a cikin addinin kansa. Uku: ginshiƙan bayanin daidai ne, amma an ɗauki ɗarika ɗaya an mai da ita addinin gaba ɗaya, ko an yi ƙananan kurakurai. Ɗaya: bayanin ya ginu kan abin da abokan hamayya ke faɗa, mabiyi ba zai gane kansa a ciki ba. Huɗu da biyu na wanda ya faɗo tsakani ne.

A tambayarmu, mai neman 5 a ɓangaren Musulunci zai ce azumin Ramalana farilla ne, kwana 29 ko 30, daga ketowar alfijir zuwa faɗuwar rana, ya ambaci ayoyin Suratul Baƙara daga ta 183, da rangwamen da aka yi wa marar lafiya da matafiyi, ya kuma san akwai azumin nafila kamar na Litinin da Alhamis. A ɓangaren Kiristanci zai san cewa babu tsari ɗaya da ya haɗe kowa. 'Yan Katolika suna da kwana arba'in kafin Ista, waɗanda ke farawa daga Larabar Toka. A cikinsu ranaku biyu ne aka wajabta azumi ga baligi da bai kai shekara 60 ba, kuma azumin shi ne a ci cikakken abinci sau ɗaya a yini, sannan ana ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a. Kiristocin Otodoks na Habasha suna yin kwana 55 ba nama, ba madara, ba ƙwai. Ikilisiyoyi da yawa na Furotesta ba su wajabta wani lokaci ba, sun bar wa mutum da Ubangijinsa, wasu kuma fasto kan sanar da azumin jama'a a farkon shekara. Zai kuma ambaci kwana arba'in na Yesu a jeji a Matta sura 4, da gargaɗi kan azumin ganin ido a sura 6.

Maki 8 na kwatanci ne, kuma nan ne zuciyar aikin. Abin da ake dubawa shi ne ko ɗalibi ya yi wa ɓangarorin biyu tambayoyi iri ɗaya, kuma ko ya ajiye kowane abu kusa da takwaransa. Krister Stendahl, wanda ya yi bishop na Stockholm, ya shahara da wata ƙa'ida a kan haka: kada ka ɗauki mafi kyawun abin da ke naka ka gwada shi da mafi munin abin da ke na wani. Wannan shi ne laifin da ya fi yawa a takardun ɗalibai. Idan ya zo kan addininsa sai ya kawo abin da littafi ya koyar, idan ya zo kan na wani sai ya kawo abin da ya ga wasu mabiya suna aikatawa a unguwa. Daidai yake da ɗan kasuwar da ke da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Nassi da nassi ake gwadawa, hali da hali. Wanda ya yi haka, ya fito da kamanci da bambanci duka, ya kuma bayyana dalilin bambancin, shi ke da 7 ko 8. Wanda ya jera bayani biyu kusa da juna bai haɗa su ba, 4 ko 5. Wanda ya auna ɗaya da ƙa'idar ɗayan, 2 ko ƙasa.

Maki 7 na hujja da madogara ne: daga ina ya samo abin da ya faɗa, ya ambaci wurin, kuma kammalawarsa ta fito daga abin da ya gabatar? Sharaɗin da nake so a rubuta ɓaro-ɓaro shi ne, kowane addini a kawo aƙalla madogara ɗaya daga cikin gidansa, ko nassinsa ko rubutun malamansa. Faifan muƙabala yana iya zama shaida kan abin da mai muƙabalar ya ce, amma ba ya zama shaida kan abin da abokin karawarsa ya yi imani da shi.

Ragowar maki 5 na tsari da harshe ne. Da gangan aka rage su. Yaron da ya fito daga makarantar gwamnati a ƙauye da wanda ya fito daga makarantar kuɗi a birni ba za su yi Turanci iri ɗaya ba, kuma ba Turanci aka tara su koya ba a wannan aji.

Takardu uku a kan tebur

Mu ƙaddara takardu uku sun zo kan wannan tambaya.

Ta farko Turancinta kamar ruwa, an tsara ta da kyau. Bayanin Ramalana bai bar komai ba, har da saɓanin malamai kan ganin wata. Da ta zo kan Kiristanci sai ta ce Kiristoci ba su da azumi na gaskiya tunda suna shan ruwa, kuma kowa yana yin yadda ya ga dama. Madogararta a nan wa'azin wani malami ne. Malami Musulmi da ke duba ta ba jadawali zai iya jin daɗinta ya ba ta 24. Malami Kirista zai iya ɓata rai ya ba ta 9. Da jadawali kuwa, lissafin a fili yake. Musulunci 5. Kiristanci 1, domin ba Katolika ba, ba Otodoks ba, babu wanda zai gane azuminsa a wannan bayani. Kwatanci 2, domin ta ɗauki sharaɗin azumin Musulunci ta mai da shi ma'aunin kowane azumi. Hujja 3, harshe 5. Jimla 16, wato kashi 53 bisa ɗari, wanda a tsarin jami'o'inmu C ne.

Yanzu a juya takardar. A ce ɗalibi Kirista ne ya bayyana azumin ikilisiyoyi dalla-dalla, sannan ya ce azumin Musulmi na ganin ido ne, da rana a ƙi ci, da dare a cika ciki, madogararsa kuma wa'azin wani fasto. Shi ma ya ɗauki koyarwar littafinsa ya gwada da halin wasu mutane, bai ko leƙa ayar da ta ce manufar azumi taƙawa ce ba. Makinsa dole ya zama 16 cif. Wannan juyi shi ne gwajin da ya fi kowanne amfani ga mai maki. Duk lokacin da alƙalaminka ya tsaya a kan wata jimla, tambayi kanka: da an musanya sunayen addinan biyu, makin nan zan bayar? Idan amsar a'a ce, to ba takardar kake dubawa ba.

Takarda ta biyu mai ladabi ce. Ba ta zagi kowa ba. Ta ce addinan biyu duk suna koyar da haƙuri da tausayin talaka, azumi ɗaya ne suna ne ya bambanta, ta rufe da kiran zaman lafiya. Irin wannan takarda tana yaudarar malamai masu kyakkyawar niyya, musamman a garuruwan da suka ɗanɗana rikici, domin mutum yana so ya saka wa yaron da ya nuna son zaman lafiya. Amma a duba abin da ke ciki. Bayanin Musulunci sama-sama ne, 3. Na Kiristanci bai san bambancin ɗariku ba, 2. Kwatanci 3, domin ta share bambanci maimakon ta bayyana shi: ba ta ga cewa a ɗaya ɓangaren azumi rukuni ne mai ƙayyadadden lokaci da hukunci a kan kowane baligi ba, a ɗayan kuma hukuncinsa ya danganta da ikilisiya. Hujja 2, harshe 4. Jimla 14, kashi 47, wato D. Na san wasu za su ga tsauri a nan. Ni dai ina ganin cewa wanda ya ce wa mutane biyu addininsu ɗaya ne alhali su sun san ba haka ba ne, bai girmama ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma bai yi aikin da aka sa shi ba.

Takarda ta uku Turancinta na tuntuɓe, sakin layi a cakuɗe. Amma ɗalibar ta karanta ayoyin Baƙara da surorin Matta, ta je ta tambayi wani fada na Katolika da wani limami, ta rubuta ranar da ta yi hira da kowanne. Ta yi wa ɓangarorin biyu tambaya uku iri ɗaya: wa aka wajabta wa, me ake bari, don me. Ta lura cewa duka biyun sun haɗa azumi da addu'a da sadaka, duka biyun sun yi gargaɗi kan riya, sannan ta bayyana inda suka rabu. Ta manta da Otodoks, ta kuma yi ƙaramin kuskure kan fidiya. Musulunci 4, Kiristanci 4, kwatanci 7, hujja 5, harshe 2. Jimla 22, kashi 73, wato A. Ba don jadawali ba, wannan takarda ce za ta kwana a ƙasa, domin idon malamin da ya gaji yakan yanke hukunci tun a sakin layin farko.

Tambayoyin da sai an amsa su tun kafin a raba jinga

Akwai abubuwan da ke tasowa kowace shekara, kuma gara a rubuta hukuncinsu a ƙasan jadawalin da a bar kowane malami da ra'ayinsa.

Ɗalibi zai iya faɗin nasa ra'ayin? Zai iya, idan ya gama bayani da kwatanci, ya kuma nuna a fili cewa daga nan ra'ayinsa ne. Ba a ba shi maki don ra'ayin, ba a kuma cire masa. Dalilan da ya kawo ake dubawa. Haka nan wanda ya rubuta salati bayan sunan Annabi, ko wanda ya rubuta Ubangijinmu Yesu Almasihu, bai yi laifi ba, bai kuma ci lada a wurin mai maki ba. Abin da ake koya masa shi ne ya jingina kowace aƙida ga masu ita: Musulmi sun yi imani da kaza, a koyarwar Katolika kaza ne. Wannan ba ya rage wa kowa imani, yana dai nuna wa mai karatu wanda ke magana.

Addinin gargajiya fa? Shi ne marayan wannan aji. Idan tambaya ta shafi Maguzawa ko bori, sau da yawa malami da ɗalibi, Musulmi da Kirista, duk sukan haɗu a kan raina shi, kuma babu mabiyinsa a ajin da zai ɗaga hannu ya ce ba haka ba ne. Sai ka ga takarda ta kira mutane matsafa ta wuce, an ba ta maki. Ƙa'idar ba ta canzawa: me su masu abin suke cewa suna yi, kuma daga ina ɗalibi ya samo? Akwai rubuce-rubuce, kamar binciken da Joseph Greenberg ya yi a kan Maguzawan ƙasar Kano, wanda aka buga a 1946. Ɗalibin da bai nemi irinsu ba bai cancanci makin daidaito ba.

Cin mutunci kuwa, a bayyana shi tun farko, a kuma bambanta shi da suka ta ilimi. Idan ya faru, a cire maki a wuri ɗaya da aka ambata, sauran kuma a bar wa dokar makaranta. Kada a bi takarda ana rage mata a kowane sashe saboda jimla ɗaya da ta ɓata wa malami rai.

Hannun da ke riƙe da biro

Jadawali mai kyau a hannun da bai shirya ba, aikin banza ne. Abu na farko, a cire suna, a bar lambar rajista. A wani gwaji da Rema Hanna da Leigh Linden suka yi a Indiya, wanda aka buga a 2012, an liƙa wa takardun yara bayanan asali na ƙarya, sai aka ga malamai sun ɗan rage maki ga takardun da aka ce na 'ya'yan ƙasƙantattun dangi ne. Ragin ba shi da yawa, amma ga wanda ke kan 69, maki ɗaya ne tsakaninsa da A. Sai dai a darasin addini ɓoye suna rabin magani ne, domin layin farko na rubutun yakan tona addinin mai shi. Don haka ba a dogara da shi kaɗai.

Na biyu, kafin a fara, masu maki su zauna su duba takardu biyar ko shida iri ɗaya, kowa shi kaɗai, sannan a kwatanta. Inda aka saɓa, a koma ga lafazin jadawalin a ga ko shi ne bai fito sarai ba, a gyara. Waɗannan takardu sai su zama abin komawa idan an yi nisa, domin hannu yakan sauya: malamin da ya fara da tsauri da safe yakan yi sanyi bayan takarda ta sittin, ko akasin haka. Idan aji ya yi yawa ba za a iya duba kowace takarda sau biyu ba, a zaɓi ɗaya cikin goma, da duk waɗanda suka faɗi, da waɗanda ke bakin iyaka, a ba malami na biyu, zai fi kyau wanda ba addininsu ɗaya da na farko ba, ba tare da ya ga makin farko ba. Idan tazarar ta wuce maki 3 cikin 30, su zauna su daidaita, in ya gagara a kira na uku.

Akwai alamun da ke nuna jadawali ya lalace. Idan makin kowa ya taru tsakanin 17 da 20, malami yana gudun yanke hukunci ne. Idan makin sassan huɗu na tafiya tare kullum, wanda ya sami harshe 5 ya sami komai da yawa, to an fara yanke jimla a zuci ne sannan aka rarraba ta cikin gidaje. Idan kuma aka lura cewa a hannun wani malami ɓangaren wani addini kullum yana samun maki mai sauƙi, to ko dai son kai ne, ko kuma bai san addinin sosai ba har kurakurai suna wuce shi. Wannan na biyun ya fi yawa, kuma babu jadawalin da ke maganinsa. Malamin da bai san bambancin Katolika da Baftis ba, ko bambancin farilla da nafila, ba zai iya ba da makin daidaito ba sai ya koma ya yi karatu, ko ya nemi abokin aiki ya rubuta masa abubuwan da ake sa ran gani.

Jadawali yana da wata iyakar kuma. Wani lokaci takarda kan zo da tunanin da ba a yi tsammani ba, misali ɗalibi ya nuna cewa tambayar kanta ta karkata, an gina ta da ma'aunin addini ɗaya. Irin wannan ɗalibi ya fahimci darasin fiye da wanda ya cike gidaje huɗu, kuma bai kamata a hukunta shi don ya fita layi ba. A kai takardarsa ga malami na biyu, a rubuta dalilin makin da aka ba shi. Tambaya irin "nuna fifikon kaza a kan kaza" kuwa, tun asali ba ta da wuri a wannan aji, domin babu rabon makin da zai gyara ta.

Abu na ƙarshe, wanda ba ya cin ko sisi: a ba ɗalibai jadawalin a ranar da aka ba su jinga, a kuma maido musu da takardunsu da makin kowane sashe a rubuce. Ɗalibin da ya ga 16 kawai zai tafi yana cewa malam ya kayar da shi saboda addininsa, kuma zai sami masu yarda da shi a ɗakin kwana da gida. Wanda ya ga 5 a nan, 1 a can, da layi biyu na bayani, ya san inda zai gyara, in kuma yana da ƙorafi ya san a kan wane layi zai kai shi. Shugabannin sassa su mai da wannan doka, kada a bar shi ga ganin damar malami. Ku kuma ɗalibai, idan aka ba ku jinga ba a ba ku jadawalin maki ba, ku tambaya cikin ladabi tun kafin ku fara rubutu, domin haƙƙinku ne.